Yadda yayar amarya za ta shirya jawabinta na ranar biki

Mu 6 ne mata a ɗakinmu, ni ce ta fari. Ƙannena 4 na tsaya na yi wa jawabi a bikinsu, ban da 'ya'yan gwaggonni da na kawunnai da aka ce in wakilci ɗaki, ban da ƙawayen da suka kira ni ana saura kwana 2 biki suna cewa an sa sunansu a jerin masu magana, ba su san ta inda za su fara ba. Wannan rubutun na irinsu ne.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga nan. Jawabin yayar amarya a gaban jama'a ba faɗan kai amarya ba ne. Nasiha tana da masu ita, tana kuma da wurinta: Umma, gwaggonni, uwar wanka da Baba, a cikin ɗaki, kafin a sa ta a mota. Ke aikinki shaida ne. Uwa a wurinmu tana da alkunya, ba za ta miƙe ta yabi 'yarta a bainar jama'a ba, sau da yawa ma ba ta zuwa wurin dina. Ƙawaye sun san amarya ta 'yan shekarun nan ne kawai. Ke ce kika goya ta, kika yi mata kitso, kuka kwana a katifa ɗaya, kuma ke ce al'ada ta yarda ki buɗe baki. Shi ya sa ake cewa babbar ya uwa ce. Za ki gaya wa dangin ango wace ce suka ɗauka, ki damƙa musu amana, sannan ki gaya wa ƙanwarki cewa auren bai raba ku ba.

Kayan da za ki tanada

- Littafin rubutu da biro, don tattara tunani. Rubutun hannu ya fi zama a ka.
- Kati mai ɗan kauri wanda bai wuce tafin hannu ba. Bayan katin gayyata ma ya isa. Farar takarda mai faɗi tana karkarwa a hannu, kowa ya ga tsoronki.
- Waya, don ɗaukar muryarki da auna lokaci yayin gwaji.
- Hankici na yadi. Tishu yana marmashewa ya manne a kwalliya.
- Ruwa marar sanyi, ƙaramar gora ɗaya, a hannun wata ƙanwa da za ta tsaya kusa.
- Fil 2 ko 3 na maƙale mayafi, domin hannu ɗaya na makirfo ne, ɗaya na kati.
- Dattijuwa ɗaya daga danginku wadda ta san gidan ango, da mutum ɗaya mai gaya miki gaskiya da zai saurari gwaji.

Ki ba kanki mako 2. Makon biki kansa ba naki ba ne: jere, karɓar baƙi, rabon anko da lissafin gara duk a kanki za su sauka.

Mataki na 1: Ki san a wane taro za ki yi magana

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki tambayi mai tsara bikin: a ina, ƙarfe nawa, bayan wa, minti nawa. Kowane taro da irin kunnensa.

A walima galibi mata ne zalla, kuma akwai malama da aka gayyato don wa'azi. Ayoyi da hadisai nata ne, kada ki shiga gonarta. A yinin biki ko kamu akwai hayaniya, da kiɗa, da yara, don haka magana ta zama gajera ƙwarai, minti 1 da rabi. A dina kuwa maza da mata ne, ango yana zaune, abokansa da abokan aikinsa suna nan, wayoyi kuma a ɗage suna ɗauka. Duk abin da kika faɗa a can, ki ɗauka cewa gobe zai isa wayar mutanen da ba ki taɓa gani ba. Akwai kuma buɗar kai a gidan ango, inda babu makirfo, ana zaune a tabarma ko falo gaban uwar miji. A nan gwaggo ce kan gaba, ke taki jimla 3 ko 4 ce bayan ta gama.

Misalin da zan bi da ke har ƙarshe na dinar Autarmu ne, wadda aka yi a Kano aka kai ta Zariya washegari. Minti 3 aka ba ni, bayan wakilin abokan ango, kafin yanka kek.

Ki roƙi a sa ki kafin a fara rabon abinci da kuma kafin a buɗe filin liƙi. Da zarar faranti sun fara yawo, ko an kira anko na farko su fito, kin rasa rabin masu sauraro.

Mataki na 2: Ki zauna da dattijuwa ki san gidan da za a kai ta

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ki tambayi abubuwa kaɗan amma ki tabbatar da amsarsu. Mahaifiyar ango tana raye? Idan ta rasu, wa ta riƙe shi, kuma yaya ake kiranta? Mahaifinsa mata nawa gare shi, dukansu za su zo? Angon yana da uwargida, kuma za ta halarta? Akwai rasuwa ta kusa a gidan?

Na taɓa zama a wani biki inda yayar amarya ta yi ta godiya ga "mahaifiyar ango da ta haifa mana shi", alhali matar da ke zaune a kujerar gaba kishiyar mahaifiyarsa ce da ta raine shi tun yana shekara 2 bayan rasuwar uwar. Matar ba ta ce komai ba, ta sunkuyar da kai kawai. Amarya ce ta shiga gidan da wannan nauyin. Tambaya ɗaya da an yi ta da tuni an kauce masa.

Ki rubuta yadda ake kiran kowa a gidansu. Idan 'ya'yanta Hajiya suke ce mata, ki ce Hajiya. Idan Mama ko Inna ne, ki bi su. Kada ki kama sunan yanka na surukai. Idan mutum yana da sarauta, ki kira sarautar daidai, ki kuma tabbatar ba ki sa ƙarami gaban babba ba.

Mataki na 3: Ki tono labarai, ki zaɓi ɗaya tak

Ki buɗe littafi ki rubuta duk abin da kika tuna tsakaninki da ita, ba tare da tacewa ba. Ki nemi abin da ido ya gani: wata rana, wani wuri, wani abu da ta yi da hannunta ko ta faɗa da bakinta. "Tana da kirki, tana da haƙuri, tana da ladabi" ba shaida ba ce, kowace amarya haka ake ce mata, kunne ya saba har ba ya ji. Amma idan kika ce ga abin da ta yi ran kaza, mutane za su gano kirkin da kansu.

Ni labarai 3 suka tsaya mini a kan Auta. Na farko, lokacin da Baba ya yi doguwar jinya, ita ce take tashi kafin asuba ta dama masa kunu sannan ta tafi makaranta. Na biyu, ranar da ta fara girki ita kaɗai ta zuba gishiri sau 2 a miyar kuka, muka ci muna dariya. Na uku, ranar da za a kai ni gidan mijina, tana shekara 9, ta ɗauke takalmina ƙafa ɗaya ta ɓoye a bayan buhun gero don kada in tafi.

Kowanne na auna shi da tambaya 3. Idan uwar mijinta ta ji, ƙanwata za ta ƙara daraja a idonta ko za ta ragu? Idan aka yanko wannan wurin kaɗai a bidiyo aka yaɗa, za ta ji kunya? Zan iya faɗinsa har ƙarshe muryata ba ta sarƙe ba?

Labarin miya ya faɗi a tambaya ta farko. A ɗakinmu abin dariya ne, amma a gaban ƙannen miji da facaloli ya zama makami: duk ranar da gishiri ya ɗan yi yawa, sai an tuna mata cewa yayarta ma ta faɗa. Labarin kunu shi ya fi nauyi, amma ya faɗi a ta uku, domin Baba bai tashi daga wannan jinyar ba, na kuma san daga ni har ita har Umma babu mai iya riƙe kansa. Na ajiye shi na gaya wa uwar mijinta ni da ita a ranar buɗar kai, a can ya fi amfani. Sai na ɗauki na takalmi. Yana sa murmushi ba tare da ya ƙasƙantar da ita ba, ni da ita duk muna ciki, kuma yana nuna halin da gidan miji zai so: wanda ta riƙa, ta riƙe shi.

Ga abubuwan da ba sa shiga jawabi ko da wasa: tsofaffin samari da waɗanda suka nema ba a ba su ba, daɗewar da ta yi ba ta yi aure ba, rashin lafiyar da ta taɓa yi, rigimar da aka sha kan lefe ko sadaki, kuɗin da aka kashe a kayan ɗaki da wanda ya biya, da duk wata magana mai harshen damo da za a ce da wani kike. Magana zarar bunu ce.

Idan kin zaɓa, ki gaya wa amarya labarin da za ki bayar. Ba sai kin karanta mata jawabin duka ba, amma kada ta fara jin sirrinta daga lasifika. In ta ce a'a, ki canza ba tare da gardama ba.

Idan tazarar shekarunku ta yi yawa, ko ba a gida ɗaya kuka tashi ba, kada ki ƙirƙiri kusancin da babu, dangi sun sani. Ki nemi labari daga wadda ta raine ta, ki faɗa da sunan mai shi: "Gwaggonmu da ta riƙe ta ta gaya mini cewa…" Wannan ma shaida ce.

Mataki na 4: Ki gina shi gaɓa 5

Minti 3 a bakin mai magana a natse kusan kalma 300 ne zuwa 350. Ga yadda nake rabawa.

Sallama da gaisuwa, daƙiƙa 20. Ki gaida mutane rukuni-rukuni: iyaye, malamai, dangin ango, danginku, sauran baƙi. In kika fara kiran suna ɗaya-ɗaya, sai kin manta wani, kuma wanda aka manta shi ne zai riƙe abin. Mutum 1 ko 2 kawai za ki ware, kamar uwar miji.

Ke wace ce, jimla ɗaya.

Labarin, kusan minti 1. Shi ne cikin jawabin, ki ba shi fili.

Damƙa amana ga ango da danginsa, daƙiƙa 30. A nan ki kula da matsayinki. Wasa da ango na ƙannen amarya ne, da ƙawayenta, da kakanni da taubasai. Ke gaba kike da matarsa, tsakaninki da shi girmamawa ce. Kada ki tsokane shi, kada kuma ki yi masa barazana irin ta "in ka taɓa ta za ka gamu da mu". Ko da dariya kika faɗa, mahaifiyarsa ba dariya za ta ji ba, za ta ji ana zargin tarbiyyar ɗanta tun ba a je ko'ina ba. Amana da roƙo ake ba da ita.

Magana ga ita amaryar da addu'a, sauran lokacin. Ki juya ki dube ta, ki kira ta da sunan da kike kiranta a gida in ba na tsokana ba ne. Kalmar haƙuri za ta ji ta sau ɗari kafin gari ya waye, daga bakin duk wanda ya riƙe hannunta. Ke ki gaya mata abin da sauran ba za su faɗa ba: cewa ta cancanci farin ciki, cewa kin yarda da hankalinta, cewa kina nan. Amma ki auna lafazin. "Ƙofar gidanmu a buɗe take duk ranar da kika ga ba daidai ba" kamar kina yi mata shimfiɗar yaji ne. "Zumuncinmu ya ƙaru da gida ɗaya" ya isar da saƙon, babu wanda zai ji ciwo.

Addu'ar da ta fi dacewa ita ce wadda Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana yi wa wanda ya yi aure, tana cikin Abu Dawud da Tirmizi: "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair." In ba ki amince da Larabcinki ba, ki faɗi ma'anarta da Hausa: Allah Ya yi muku albarka, Ya sanya albarka a kanku, Ya haɗa ku cikin alheri. Gara wannan da ki kakare a tsakiya.

Mataki na 5: Ki rubuta yadda kike magana

Ga abin da na faɗa a dinar Auta, kamar yadda na rubuta shi a littafi:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, Hajiya da dukkan dangin ango, 'yan'uwa da abokan arziki, sannunku da zuwa, Allah Ya ba da ladan zumunci. Ni ce yayar amarya, babba a ɗakinmu, ita kuma autarmu ce.

Ranar da za a kai ni gidan mijina, wannan da kuke gani tana shekara 9. An gama yi mini faɗa, mota tana ƙofar gida, gwaggonni suna cewa a fito dare yana yi. Aka nemi takalmina, ƙafa ɗaya babu. Aka duba ƙarƙashin gado, aka zazzage akwati, babu. Can Umma ta lura Auta ba ta cikin masu nema, tana zaune a kan buhun gero ta ƙi motsi. Da aka ɗaga ta, ga takalmi a baya. Aka ce don me? Ta ce, in babu takalmi ai Yaya ba za ta tafi ba.

Na tafi, amma ba ta sake ni ba. Duk hutun makaranta tana gidana. 'Ya'yana 3 a bayanta suka yi wayo. Halinta ke nan har yau: wanda ta riƙa, ta riƙe shi.

Hajiya, ga 'yarki nan. Mun san gidan mutunci muka kai ta. Abin da ta sani ku ƙarfafa mata, abin da ba ta sani ba ku koya mata kamar yadda za ku koya wa wadda kuka haifa. Ango, amana ce muka ba ka, mun kuma ba ka da zuciya ɗaya. Allah Ya taya ka riƙo.

Auta, yau ga shi ya zo kaina, na gane abin da kika ji a kan buhun nan. Amma ni ban ɓoye takalminki ba. Da hannuna na goge shi na ajiye miki a bakin ƙofa, domin gidan da za ki gidan alheri ne, kuma zumunci a ƙafa yake. Da takalmin nan za ki zo mana, mu ma da namu za mu zo miki. Kano da Zariya ba nisa. Ki shiga ɗakinki da bismilla, ki san cewa na yarda da hankalinki, kuma ina alfahari da ke.

Barakallahu lakuma, wa baraka alaikuma, wa jama'a bainakuma fi khair. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum."

Ki lura karin magana ɗaya ne kawai a ciki, kuma labarin ne ya jawo shi. Rubutuna na farko yana da guda 5, har da "zo mu zauna zo mu saɓa" da harshe da haƙori. Duk na cire, domin ba a ranar farko ake tuna wa mutane saɓani a gaban taro ba, kuma karin magana in ya yi yawa sai jawabi ya koma gasar makaranta. Ki lura kuma takalmin da aka fara da shi, da shi aka rufe. In labarinki yana da wani abu da ake iya taɓawa, kamar tsohon zane, kwano, allo ko kujerar tsakar gida, ki dawo da shi a ƙarshe. Shi mutane za su tafi da shi.

Game da harshe: in dangin ango ba sa jin Hausa, ki yi gaisuwa da damƙa amana da harshen da suke ji, ko ki sa wani ya fassara wannan gaɓar kaɗai. Maganarki da ƙanwarki kuwa ki yi ta da harshen da kuka tashi da shi.

Mataki na 6: Gwaji

Ki karanta da ƙarfi kina ɗaukar muryarki, ki duba agogo. In ya wuce minti 3 a ɗaki, zai kai 4 a wurin taro, domin za a yi dariya, za a amsa amin, ke ma za ki tsaya haɗiye wani abu. Ki rage daga gaisuwa da farko. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ki kai ƙarshenta, ki raba ta gida 2.

Ki maimaita sau 2 a rana na kwana 5, a tsaye. Ba hadda ake so ba, mai hadda in ta manta kalma ɗaya sai duka ya rushe. Abin da za ki haddace kawai jimlar farko, jimlar ƙarshe da addu'a. A kan kati ki rubuta kalmomin tuni da manyan baƙaƙe, layi 5: gaisuwa, takalmi, Hajiya da ango, Auta, addu'a. Kada ki karanta daga waya. Allonta yana mutuwa, kira yana shigowa, kuma ranar biki wayar yayar amarya ba ta yin shiru.

Gwajin yana da wani amfani da ya fi wannan. Zai nuna miki daidai inda kuka yake zuwa. Ni a "na gane abin da kika ji" ne. Na yi alama a wurin, na maimaita jimlar ita kaɗai har ta daina shaƙe ni. Kukan da kika yi a ɗakinki ranar Talata ya rage wanda za ki yi ranar Asabar.

Sannan ki karanta wa mai gaya miki gaskiya, ki tambaye ta abu ɗaya: akwai wanda zai ji haushi?

Mataki na 7: Ranar kanta

Da kin isa, ki nemi emsi da kanki. Ki rubuta masa yadda zai gabatar da ke, ki ce masa kada ya sa baki ko ya yi barkwanci a tsakiyar maganarki. Ki gaya wa dije ya kashe kiɗa gaba ɗaya, ba ragewa ba, domin dattawa ba sa jin magana a kan sauti. In akwai maroƙa ko zabiya, ki sa wani ya sallame su tukuna, ya roƙe su su dakata da kirari har ki gama. Ki ci wani abu kafin a fara. Yayar amarya takan wuni ba ta sa komai a ciki ba, ga takalmi mai tsini, ga zafi, sai jiri.

Ki tsaya a gefe, inda amarya da jama'a duk za su ga fuskarki, ba ki ba wa kowa baya ba. Ki nisanci gaban lasifika don kada ta yi ƙara. Makirfo ya zauna kamar yatsu 3 daga bakinki, kuma in kin juya kai wajen amarya, ki juya da shi. Da yawa a nan suke ɓata jimlar da ta fi kowacce, kai ya juya hannu bai bi ba, babu wanda ya ji.

Ki yi sallama, ki jira a amsa. Wannan jiran shi ke sa wuri ya yi tsit. In hayaniya ba ta kwanta ba, ki ce a yi wa Annabi salati, kowa zai amsa, ki fara daga nan.

In kuka ya zo, ki yi shiru, ki sauke makirfo, ki ja numfashi ta hanci sau 2, ki kurɓi ruwa. Ki ɗauke ido daga amarya da Umma, ki dubi bangon baya. Jama'a za su jira ki, ai sabo ake yi wa kuka, kowa ya sani. Kada ki ba da haƙuri, kada ki yi magana cikin shessheƙa. In kin ga ba zai tsaya ba, ki tsallake zuwa addu'a, shi ya sa kika haddace ta. Ki tuna kuma cewa in kika ɓarke, ita ma za ta ɓarke, ga hotuna ba a gama ba.

In wuta ta ɗauke ko makirfo ya mutu, kada ki tsaya jiran janareta, wurin zai watse. Ki matsa kusa da kujerar amarya da teburin iyaye, ki ɗaga murya, ki faɗi amana da addu'a. Waɗanda aka yi jawabin dominsu sun ji. In emsi ya raɗa miki cewa lokaci ya ƙure saura minti 1, ki bar gaisuwa a sallama kaɗai, ki ba da labarin a jimla 3.

Idan yanayinku ya bambanta

In Umma ta rasu, ke ce uwa a ranar, kuma kowa yana kallonki da wannan idon. Ki ambace ta sau ɗaya, can kusa da addu'a, da jimla ɗaya: Allah Ya jiƙan wadda ta yi tarbiyyar. In kika sa ta a farko, ba za ki kai ƙarshe ba. Ki kuma gode wa wadda ta riƙe ku bayanta, musamman in matar uba ce tana zaune.

In uba ɗaya kuke ba uwa ɗaya ba, kalmar "'yan uba" kada ta fito daga bakinki. Ƙanwata ce, shi ke nan. Ki gaida mahaifiyarta da sunan da kike kiranta a gida.

In akwai uwargida, ki tambayi dattijuwarki ko za ta so a ambace ta. In ta zo da kanta, ki gaishe ta da girma, ki ce ga ƙanwa kin samu, Allah Ya haɗa kanku. Ki guji duk yabon da zai zama kwatance, irin "yanzu ne ango zai san ya yi aure". In auren amarya na biyu ne, ki yi maganar gaba kawai, ko "wannan karon" kada ki ce.

In ke ba ki yi aure ba tukuna, ko aurenki ya mutu, wataƙila kina jin kamar ba ki da bakin magana. Kina da shi, domin ba darasin aure aka ce ki bayar ba, shaida ce a kan yarinyar da kika sani tun tana zanen goyo. Abin da za ki yi shi ne ki ja wa emsi kunne tun da wuri kada ya ce "saura ke". In wata ta jefo daga cikin taro, ki ce amin ki ci gaba.

In kuma kin san tsayuwa gaban jama'a ya fi ƙarfinki, ko gidanku ba a yarda mace ta yi magana a taron da ya haɗa maza ba, ki nemi a mayar da jawabin walimar mata. In hakan ma bai samu ba, ki kwafe shi da hannunki a takarda mai kyau, ki naɗe, ki sa a cikin akwatin da za ta fara buɗewa a ɗakinta, saman kayan sawa. Gaɓar amana kuma ki faɗa wa uwar mijinta baki da baki ranar buɗar kai, bayan gwaggo ta gama nata, kina durƙushe.